Bulon da lissafi ya ce zai hau gangare shi kaɗai

Nafisa: Assalamu alaikum. Malam, don Allah a duba mini wannan, tun la'asar nake fama da ita. An ɗora bulo mai kilo 10 a kan katako mai kaushi da aka jingina, kusurwarsa da ƙasa digiri 30, μ kuma, wato ma'aunin gogayya, 0.7, a ɗauki g a kan 10. An ce a zana duk ƙarfin da ke aiki a kan bulon, a nemo gogayyar, a faɗi ko zai motsa. Na samu mg sin 30 = 50 N, na samu R = mg cos 30 = 86.6 N, gogayya kuma μR = 60.6 N. Da na ɗebe 50 daga 60.6 sai 10.6 N ya rage yana kallon sama. To bulon hawa zai yi shi kaɗai ke nan? Ga hoton zanen nan na turo.

Bashir Argungu: Wa alaikumus salam. Ai 9.8 za ki sa, ba 10 ba. Shi ya rikita miki lissafi.

Nafisa: Su suka ce a sa 10. Kuma na gwada 9.8 ɗin, lambobin ne kawai suka ɗan ragu, 49 da 59.4, har yanzu gogayya ce babba.

Kabiru Aliero: Ƙanwata, lissafinki daidai yake, kada ki goge komai. Duk sanda gogayya ta fi abin da ke jan bulo ƙasa, ma'anarsa bulon ba zai motsa ba. Ki rubuta gogayya 60.6 N, ki rubuta ba ya motsi, ki wuce tambaya ta gaba.

Nafisa: Yaya Kabiru, to shi 10.6 ɗin da ya rage ina zan kai shi? An koya mana in abu yana zaune, ƙarfin da ke kansa sai sun kashe juna tas.

Kabiru Aliero: Ba a kula shi. Haka muke yi.

Malam Shehu: Wa alaikumus salam. Kabiru, rabin maganarka ta yi, bulon ba ya motsi. Amma 60.6 ba ita ce gogayyar da ke aiki ba, kuma tambayar da Nafisa ta yi maka ita ce tambayar da ta kamata. Ba a barin niyuton goma da ɗoriya yana yawo a zane a ce kada a kula shi.

Gogayyar abin da yake zaune ba ta da adadi guda da ta kafe a kai. Tana ba da gwargwadon abin da ake bukata ne don kada abin ya zame, har zuwa iyakarta. Wannan μR ɗin iyakar ce. Jakin da zai iya ɗaukar buhu biyu, in ka ɗora masa ɗaya, ɗaya yake ɗauke da shi, ba biyu ba. A nan abin da ke jan bulo ya gangara 50 N ne, katakon kuma zai iya riƙewa har 60.6 N. Saboda haka 50 N yake bayarwa, cif. Amsar ke nan: gogayya 50 N, tana kallon saman gangare, bulo yana zaune. Shi ya sa ake rubutawa haka:

```
F ≤ μR
```

Alamar daidai ba ta shigowa sai in bulon ya kai gab da zamewa.

Kabiru Aliero: Malam, amma a littattafai F = μR muke gani baro-baro.

Malam Shehu: Koma ka karanta layin da ke samansa. Za ka tarar an ce abin yana gab da zamewa, ko kuma yana cikin zamewa. Wannan sharaɗin ne ɗalibai ke tsallakewa su haddace lissafin kawai. In tambaya ta ce "yana gab da motsi", sa F = μR kai tsaye. In ba ta faɗa ba, sai ka gwada: nemo abin da ake bukata don ya zauna, nemo iyakar, ka kwatanta su.

Yanzu zanen, Nafisa. Na buɗe hoton, kibiya shida na ƙirga. Faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya.

Nafisa: Akwai mg da ke kallon ƙasa, akwai mg sin 30 da ke bin gangare, akwai mg cos 30 da ke shiga cikin katako, sai R, sai gogayya, sai wata da na sa wa suna ma, wato m sau a, tana nuna inda nake zaton zai tafi.

Malam Shehu: To uku ne kawai na gaskiya. Ga yadda nake so ki riƙa yi. Ki zana bulon shi kaɗai a karkace yadda yake zaune, ki cire katakon, ko ki bar shi da ɗigo-ɗigo don ki tuna kusurwa. Kafin ki ja kowace kibiya ki tambayi kanki: wane ne ke yin wannan turin ko jan? In ba ki iya kiran sunan mai yin ba, kibiyar ba ta da gurbi.

Duniya tana jan bulon, wannan shi ne nauyi, 100 N, kuma ƙasa yake kallo sak, kamar igiyar guga a rijiya, ko yaya katakon ya karkata. Sai ki duba me ke taɓa bulon. Katako ne kaɗai. Shi kuma abu biyu yake yi: yana tura bulon waje a tsaye daga fuskarsa, wannan R, yana kuma riƙe shi a kwance tare da fuskarsa, wannan gogayya. An gama. Babu igiya, babu hannun kowa, babu kibiya ta huɗu.

Su mg sin 30 da mg cos 30 ba sababbin ƙarfi ba ne, nauyin nan ne aka raba gida biyu don sauƙin lissafi. In kin bar su a zane ɗaya da mg, duka da jan biro iri ɗaya, kin ƙirga nauyi sau biyu. Ko ki yi zane na biyu inda su biyun suka maye gurbin mg, ko ki ja su da ɗigo-ɗigo. Ita kuwa kibiyar m sau a babu mai yin ta. Sakamako ce, abin da ke fitowa bayan an tara sauran. Wurinta cikin lissafi, gefen dama na alamar daidai.

Bashir Argungu: Malam, ni a nawa zanen R sama yake kallo sak, kishiyar nauyi. Ai haka muka yi da littafi a kan tebur, R = mg.

Malama Hauwa: Bashir, tebur a kwance yake, shi ya sa. R ba ruwansa da inda sama take, fuskar abin da aka zauna a kai yake bi. In katako ya karkata, R ya karkata tare da shi. Ka jingina bayanka da bango ka ji ta ina bangon ke tura ka. Kuma ka lura a tambayar nan R 86.6 ne, bai kai 100 ba, domin katakon ba shi ke tare nauyin duka ta wannan fuskar ba.

Bashir Argungu: To ni abin da ke kayar da ni kullum, wanne ne sin wanne ne cos. A jarrabawa sai in ga sun juye mini.

Malama Hauwa: Kada ka haddace, ka gwada. A ranka ka kwantar da katakon ƙasa, kusurwa ta zama sifiri. Me zai ja bulon ya gangara? Babu. Wanne ne ke ba da sifiri a digiri sifiri? Sin. Saboda haka na gangare shi ne mg sin θ. Nauyin duka kuma yana danne katako, cos 0 kuwa ɗaya ne, ya dace. Wata shawara: in kana zane, kada ka ja gangaren ya yi kama da digiri 45, ko da tambayar 40 ta ce. Ja shi ƙasa-ƙasa, kamar 20 ko 25. A nan ƙaramar kusurwa takan fito fili, ka ga da idonka cewa kusurwar da ke tsakanin kibiyar nauyi da layin da ya shiga cikin katako ita ce dai θ ɗin da ke gindin gangare. In zanen ya yi kusa da 45, kusurwoyin biyu sai su yi kama, nan ake juya su.

Kabiru Aliero: Na karɓi gyara a kan adadin. Amma dai inda gogayya ke kallo ba gardama, a gangare kullum sama take kallo, tunda abu ƙasa yake son zuwa.

Malam Shehu: To bari mu ɗaura wa bulon nan igiya, mu ja shi sama tare da fuskar katako. Yanzu kibau huɗu ne, don igiya tana taɓa shi. R bai canja ba, tunda igiyar ba ta danna bulon cikin katako, ba ta kuma ɗaga shi. Iyakar gogayya tana nan 60.6.

Ka ja da 30 N. Nauyi na jan 50 ƙasa, kai kana jan 30 sama, saura 20. Gogayya ta ba da 20, tana kallon sama. Ka ƙara zuwa 50. Kai da nauyi kun yi kunnen doki, gogayya ba ta da aikin yi, sifiri ce, alhali katakon yana nan da kaushinsa. Yanzu ka ja da 80. Ina bulon ke son zuwa?

Kabiru Aliero: Sama. Igiya ta fi da 30.

Malam Shehu: To gogayya ta juya ke nan, 30 N tana kallon ƙasa, kuma bulon bai motsa ba har yanzu, don 30 bai kai 60.6 ba. Ba zai fara hawa ba sai janka ya wuce 50 da 60.6 a haɗe, wato 110.6 N. Bulo ɗaya, katako ɗaya, μ ɗaya, amma kibiyar ta kalli sama, ta ɓace, ta dawo tana kallon ƙasa. Shi ya sa nake cewa gogayya ce kibiyar ƙarshe da za a ja. Ka zana sauran duka, ka tambayi kanka da katakon santsi ne da shi, ina bulon zai zame? Sai ka ja gogayya ta kalli kishiyar can.

Nafisa: Malam, in na rasa gane inda zai zame fa, kamar a ce ba a ba da ƙarfin igiyar da lamba ba?

Malam Shehu: Zaɓi gefe ɗaya, ki sa mata F, ki bar lissafi ya fito da ita. In ta fito da alamar ɗebewa, kibiyar ɗaya gefen take kallo, adadin dai daidai ne. Amma wannan dabarar tana aiki ne kawai in F ce kike nema. In kin riga kin sa μR a gurbinta alhali kin juya kibiyar, amsar da za ta fito ɓatacciya ce ɗungurum, kuma babu wata alama da za ta gaya miki.

Alhaji Umaru Jega: Salamu alaikum malamai. Ni don yara anka sa ni cikin wanga zaure, ba ni cika magana ba, amma wagga ta shafe ni. Tifa nika ja. In mun ɗauko yashi busasshe, ana ɗaga bodi shina zaune abinai, ba ya ko motsi, sai an kai wani wuri ya taho gaba ɗaya. In jar ƙasa ce mai ruwa kuwa, sai ka ɗaga har ƙarshe ta ƙi sauka, sai ka ja mota gaba ka taka burki. To miyun naku mi yac ce nan?

Nafisa: Kawu, ashe kana karantawa.

Malam Shehu: Barka da dare, Alhaji. Na farkon shi ne darasin namu daidai. Kana ɗaga bodi, abu biyu ke faruwa tare: abin da ke jan kaya ya gangara yana ƙaruwa, abin da ke danna su a kan ƙarfe yana raguwa, iyakar gogayya kuma tana raguwa da shi. Duk wannan lokacin gogayya tana ƙara abin da take bayarwa a hankali, shi ya sa ba ka ganin motsi. Inda suka haɗu shi ne inda tan θ = μ, kuma nauyin kayan bai shiga ciki ba sam. A bulon Nafisa, μ 0.7 ne, kusurwar tana wajen digiri 35. Da ta fara da wannan, da ta ga tan 30 bai wuce 0.577 ba, ta san bulon a zaune yake tun kafin ta taɓa 86.6. Abin da ya sa kuma kaya ke tahowa gaba ɗaya, gogayyar abin da ya riga ya fara zamewa yawanci ba ta kai iyakar ta zaune ba. Da ya ɓalle, riƙon ya ragu, sai ya ƙara gudu.

Jar ƙasa mai ruwa kuwa, a nan lissafin namu ya tsaya. Manne wa ƙarfe take yi, kuma mannewa ba ta bin R yadda gogayya ke bi. Ko yashin ma ba bulo ba ne, na sama kan zame a kan na ƙasa kafin na ƙasan ya bar ƙarfe. Zanenmu na abu guda ne mai tauri a kan busasshiyar fuska.

Alhaji Umaru Jega: Ke nan ko rabin mota niɗ ɗauko, wuri guda za shi fara zuba?

Malam Shehu: In bulo ne ko buhu, ƙwarai, babba da ƙarami kusurwa ɗaya suke fara zamewa in fuskokin iri ɗaya ne. Yashi kuma yadda aka tula shi yana da tasiri, ba zan yanke maka hukunci da lissafin aji ba.

Bashir Argungu: Malam, in an kwantar da bulon ta faffaɗan gefensa fa, ai zai fi kamawa ko?

Malam Shehu: A lissafin nan a'a. Duba μR, babu faɗi a ciki. Wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya bayyana haka tun 1699: gogayya tana bin ƙarfin dannawa, ba ta bin faɗin wurin da ya taɓa. Ƙa'ida ce ta gwaji, tana aiki sosai a kan busassun abubuwa masu tauri, ba ta cika daidai a kan roba ba.

Kabiru Aliero: Akwai wata da ta taɓa zuwa mana. Ba igiya ba ce tare da gangare, turi ne a kwance, kamar mutum ya tsaya a ƙasa ya tokare bulon da sanda miƙe, yana tura shi wajen katakon da 40 N. Ni R = 86.6 na bari.

Malama Hauwa: Nan ne tarkon. Turin a kwance yake, katako kuma a karkace, saboda haka shi ma sai an raba shi biyu kamar yadda aka raba nauyi. Wanda ke bin gangare sama shi ne 40 cos 30, wato 34.6. Wanda ke danna bulon cikin katako shi ne 40 sin 30, wato 20. Ka ga a nan cos ne ke bin gangare, saɓanin nauyi, abin da ya sa na hana Bashir hadda ke nan. R ya zama 86.6 da 20, wato 106.6, iyakar gogayya ta hau zuwa 74.6. Abin da ake bukata kuma 50 a ɗebe 34.6, saura 15.4, tana kallon sama. R = mg cos θ ba doka ba ce, abin da ke fitowa ne in babu wani mai dannawa ko ɗagawa. Kowane zane sai an sake nemo R daga kibau da ke cikinsa.

Amma Malam Shehu, akwai inda ban bi ka ba. Na ga zanen da ka turo wa yara wancan makon, duk kibau daga tsakiyar bulo suke fita. Gogayya a ƙasan bulo take aiki, inda ya haɗu da katako. Ni a nan nake sa ɗalibaina su ja ta.

Malam Shehu: Malama, a matakin sakandare bulon ɗigo muke ɗaukarsa, ba ma tambayar ko zai kife. In duk sun fito daga wuri guda, yaro ya fi ganin kusurwa, rabawa ta fi masa sauƙi. Amsa kuma ba ta canjawa.

Malama Hauwa: Ba ta canjawa yau. Ranar da aka ba shi dogon akwati a gangare aka ce zamewa zai fara yi ko kifewa, zanen ɗigo ba zai gaya masa komai ba. A can dole gogayya ta zauna a ƙasa, R kuma ba a tsakiyar gindi yake ba, yana matsawa wajen gefen da ke ƙasa yayin da ake ƙara kusurwa, har ya kai baki, akwatin ya kife. Yaron da ya saba tun farko ba sai an sake masa tarbiyya ba.

Malam Shehu: Gaskiya ne, amma ni na fi ganin yaran da suka jera kibau a gindin bulo suka cakuɗe, har ba su san wacce ce R ba. In sun kai darasin juyi sai a koya musu wancan.

Malama Hauwa: To kowa ya riƙe ajinsa.

Nafisa: Ni wanne zan yi a WAEC?

Malam Shehu: Wanda hannunki ya fi tsabta da shi, muddin kowace kibiya tana kallon inda ya dace kuma da sunanta a jiki. Ga aiki kafin ku kwanta. Bulon nan dai, ba igiya, a ɗaga katako zuwa digiri 40. Na zaune μ 0.7, na zamewa 0.5.

Nafisa: Kibau uku. Na gangare 64.3, R 76.6. Iyakar ta zaune 0.7 sau 76.6, wato 53.6, ba ta kai 64.3 ba, zai zame. Tunda yana zamewa na koma 0.5, gogayya 38.3 tana kallon sama. Saura 26, a raba da kilo 10, a = 2.6 m/s², yana gangarawa.

Malam Shehu: Madalla, haka ne.

Bashir Argungu: Malam, ni R ɗina -66.7 ya fito. Katakon jan bulon yake yi ke nan?

Malama Hauwa: Katako ba ya ja, turi kawai yake yi. Duba saman fuskar kalkuletarka, za ka ga R ko RAD. Mayar da ita DEG, ka buga sin 30, in ta ba ka 0.5 sai ka sake aikin.